Layin Ɗana Yana Cikin Datar Gida Ko Ba Ya Ciki? Tambayoyi da Amsoshi

Ina da shagon sayar da kati da data a bakin titin unguwarmu, kuma ba a mako guda wani uba ko wata uwa ba su tsaya gaban kantata da waya biyu a hannu ba, tasu da ta yaro, suna tambaya iri ɗaya. Maigida ya sayi data mai yawa ta wata guda don mutanen gida, an ba yaro waya, amma ba a san ko layinsa daga wannan rumbun yake ɗiba ba. Da yawa sun riga sun rubuta wa kamfani saƙo, amsar da ta zo ba ta warware musu komai ba. Na tattara tambayoyin da aka fi yi mini a nan, tare da labarin wata Hajiya maƙwabciyata da muka bi matsalarta daga farko har ƙarshe.

Me ya sa na tambayi kamfani suka ba ni amsar da ba ta da kai?

Bari in fara da saƙon Hajiya, domin irinsa kusan kowa yake rubutawa. Ta aika musu ta manhajar kamfanin cewa: "Assalamu alaikum. Don Allah ina son in san ko layin 'yata yana cikin datar gidanmu, saboda katinta yana ƙarewa da wuri." Amsar da ta dawo bayani ne dogo kan yadda ake sayen tsarin data na iyali, da jerin farashi. Ta zo wajena ranta a ɓace, tana cewa ba su ma karanta abin da ta rubuta ba.

Na ce mata, Hajiya, sun karanta, sai dai ba ki ba su abin da za su duba ba. Ma'aikacin da ke zaune gaban kwamfuta bai san 'yarki ba, bai san gidanku ba. Abin da yake gani lambobi ne. Ba ki faɗi lambar yarinyar ba, ba ki faɗi lambar da aka sayi datar da ita ba, ba ki faɗi sunan tsarin ba. Ƙari a kan haka, mijinta Alhaji ne ya sayi datar da layinsa, ita kuwa da nata layin ta yi tambayar. A wajen kamfani, mai babban layi shi ne mai rumbun, sauran duk 'yan rakiya ne, kuma ba za su buɗe wa ɗan rakiya bayanan wani layi ba ko da matarsa ce. Wannan ƙa'idar tana ɓata wa mutane rai, amma ni ina goyon bayanta, don da babu ita kowane ɗan damfara zai iya cewa shi uban wane ne ya karɓi bayanan layin da ba nasa ba.

Ai da sunana da lambar NIN ɗina aka yi wa layin yaron rajista. Wannan bai isa ya shiga ba?

Bai isa ba, kuma nan ne mafi yawan iyaye suke ruɗewa. A Najeriya ƙa'idar hukumar sadarwa ta NCC ita ce sai wanda ya kai shekara 18 ake yi wa rajistar layi, shi ya sa layin yaro yakan kasance da sunan uwa ko uba. Sai mutum ya ɗauka tunda duk layukan sunansa ne a kai, ai data ɗaya suke ci. Rajista abin da take nunawa shi ne wane ne mai layin a gaban doka. Ba ta haɗa asusun layi da na wani layi. Mutum ɗaya zai iya mallakar layi uku a kamfani ɗaya, kowanne da katinsa da datarsa, babu wanda ya san da zaman ɗan'uwansa.

Layi ba ya shiga rumbun iyali sai an saka shi da hannu. Mai babban layi ne zai shiga manhajar kamfanin ko ya danna lambar da aka ware, ya rubuta lambar yaron, ya tabbatar. A wasu tsare-tsaren ma sai layin yaron ya karɓi saƙon gayyata ya amince kafin a ƙidaya shi. Na sha ganin an tsaya a nan: uba ya tura gayyata, yaro ya ga saƙon tes ya ɗauka talla ce ya goge, kowa ya ci gaba da zama da tunanin an gama.

To, mene ne bambancin rumbu ɗaya da tura data?

Hanyoyi uku ne gida yake cin data tare, kuma mutane duk "raba data" suke ce musu, shi ya sa magana take cakuɗewa tsakaninsu da kamfani.

Ta farko ita ce rumbu ɗaya na gaskiya. An sayi, a ce, giga 30 a babban layi, an jona wasu layuka a ƙarƙashinsa, kowa yana ɗiba daga wuri ɗaya ko daga kason da aka yanka masa. Datar tana nan a hannun mai babban layi, shi ke ƙarawa, shi ke ragewa, shi ke cire wanda ya ga dama.

Ta biyu tura data ce ko sayen data kyauta ga wani. Uba ya yanko giga 1 daga tasa ya aika wa ɗansa. Da zarar ta tafi ta zama ta yaron, ta bar rumbun, kuma in ta ƙare ta ƙare, layin ba zai koma ya ɗebi ta uban ba. Iyaye da yawa da suke ce mini "ai na saka shi a ciki" wannan suka yi sau ɗaya, wata uku da suka wuce.

Ta uku ita ce a kunna Hotspot ko a ajiye na'urar MiFi a falo. A nan layin yaron ba shi da hannu sam. Wayarsa ce ta kama Wi-Fi na gida, kamfani kuwa layi ɗaya tak yake gani, wanda ke cikin na'urar. Yaro yana fita ƙofar gida, ko batirin na'urar ya mutu bayan an ɗauke wuta, wayarsa za ta koma kan layinsa ba tare da ta yi sallama ba.

Kafin ka rubuta wa kamfani, ka fara tantance wacce daga cikin ukun kake yi. Rabin masu tambayata a nan suke samun amsarsu.

Zan iya ganewa da kaina ba sai na jira kamfani ba?

Ƙwarai kuwa, kuma gwajin bai fi minti goma sha biyar ba. Tun shekarar 2023 NCC ta daidaita gajerun lambobi a duk kamfanonin Najeriya, don haka ko wane layi kake riƙe da shi, `*323#` na duba ragowar data ne, `*310#` na duba ragowar kati.

Ga yadda muka yi da Hajiya. Da yamma ta dawo da wayar Alhaji da ta yarinyar. Muka danna `*323#` a wayar Alhaji, muka rubuta abin da ya rage a bayan wata takardar kati: giga 18 da 'yan kai. Muka danna a wayar yarinyar, aka ce ba ta da wani tsarin data. Muka danna `*310#`, kati naira 640. Daga nan na kashe Wi-Fi a wayar yarinyar, na tabbatar kowa ya ajiye wayarsa, har na sa Hajiya ta kira babban ɗanta da ke makaranta ta ce ya kashe datarsa na ɗan lokaci, don shi ma yana cikin rumbun, in yana kallo zai ɓata mana lissafi. Sai muka buɗe wani gajeren bidiyon darasi a wayar yarinyar, muka bar shi ya yi kamar minti biyu, muka kashe. Muka jira minti biyar, saboda lissafin kamfani ba ya sauka nan take. Da muka sake dubawa, datar Alhaji tana nan yadda take, katin yarinyar kuwa ya dawo 510. Hajiya ta riƙe baki. Kuɗin da take saka wa yarinyar don ta riƙa kiranta in an tashi daga darasin yamma, shi wayar take ci.

In za ka yi wannan gwajin, kada ka sauke abu mai nauyi matuƙar akwai kati a layin, domin data da ake caja kai tsaye daga kati ta fi ta tsari tsada nesa ba kusa ba. Sakamakon iri uku ne. In rumbun ya ragu, layin yana ciki. In kati ya ragu, ko dai ba ya ciki, ko kuma kasonsa ya ƙare. In babu wanda ya motsa amma bidiyon ya buɗe, to layin yana da wata data tasa, galibi garaɓasar da aka ba shi lokacin da aka saka kati ko aka sayi sabon layi, kuma sai ta ƙare za ka ga gaskiyar lamarin.

Akwai tarko guda da nake son a kula da shi. Yawancin wayoyin da muke riƙewa masu layi biyu ne. Ka shiga Settings ka duba wane layi aka zaɓa ya riƙa ba da data. Na taɓa ɓata kusan awa guda da wani bawan Allah muna zargin kamfani, ashe ɗansa ya saka wani layi na biyu da abokinsa ya ba shi, wayar kuma a kansa take.

Yaya ya kamata in rubuta saƙon?

Ka rubuta shi daga babban layin, ko ka sa mai babban layin ya rubuta. Wannan shi ne wanda muka tsara wa Alhaji, na cire lambobin:

"Assalamu alaikum. Ni ne mai wannan layin da nake rubutowa da shi. Na sayi tsarin data na iyali na giga 30 ranar 3 ga wata. Ina so ku duba mini abu uku. Na ɗaya, ku lissafo mini lambobin da ke jone a ƙarƙashin tsarin nan a yanzu. Na biyu, ko wannan lambar da na rubuta a ƙasa tana cikinsu, in tana ciki giga nawa aka ware mata kuma nawa ta ci. Na uku, in kasonta ya ƙare, tsayawa layin zai yi ko zai koma cin kati. Jiya da misalin ƙarfe biyar na yamma an cire naira 130 daga katin wannan lambar yayin da ake kallon bidiyo. Ku ba ni lambar ƙorafina. Na gode."

Ka lura babu "'yata" a ciki, babu "gidanmu". Akwai rana, akwai lokaci, akwai adadi, kuma kowace tambaya tana da amsar da za a iya dubawa a kwamfuta. Tambayar farko ta fi sauran amfani a ganina. In ka ce kawai "lamba kaza tana ciki?" za a ce maka e ko a'a. In ka nemi jerin duka, wani lokacin sai ka tarar da lambar da ba ka sani ba, ko tsohon layin wani ƙanenka da ka saka bara ka manta. Amsar da Alhaji ya samu ta zo a taƙaice: layi biyu ne a ƙarƙashinsa, na Hajiya da na babban ɗansu, na yarinyar ba a taɓa saka shi ba.

Wanda rubutu ke ba shi wahala ya kira 300, ita ce lambar kula da abokan hulɗa a duk kamfanonin, ya karanta musu waɗannan tambayoyin daga takarda.

Me za su tambaye ni, me kuma bai kamata in bayar ba?

Za su so su tabbatar kai ne mai layin. Sukan tambayi cikakken sunan da aka yi rajista da shi, ranar haihuwa, kuɗin da ka saka na ƙarshe, ko lambobin da ka fi kira. Waɗannan ba laifi, in dai kai ka neme su ta manhajarsu, ko 300, ko ofishinsu.

Abin da ba a bayarwa shi ne lambar sirri ta raba kati ko data, lambar da aka turo maka ta tes don tabbatarwa, lambar BVN, da lambobin katin banki. Babu ɗaya daga cikinsu da ake buƙata don a duba ko layi yana cikin rumbu. Kuma don Allah kada a rubuta lambar yaro a ƙarƙashin sanarwar kamfani a Facebook ko X inda kowa ke gani. Akwai masu zaman jiran irin wannan, suna da hoton tambarin kamfani a shafinsu, za su biyo ka ta akwatin sirri su ce su ne za su gyara maka. Ga kuma lambar yarinya budurwa ta shiga hannun wanda ba a sani ba, wanda wannan ya fi asarar data ciwo.

Layin yaron na wani kamfani ne daban, zai yiwu?

A'a. Rumbun iyali tsakanin layukan kamfani ɗaya yake aiki. Ko ka saya masa layin kamfaninku, ko ka mayar da lambarsa can ta hanyar sauya kamfani ba tare da canza lamba ba, ko ka riƙa saya masa tasa daban. Ka kula kuma, farkon lamba ba ya tabbatar da kamfani yanzu, tunda mutane suna ƙaura da lambobinsu. Sunan da ke fitowa a saman fuskar wayar shi za ka duba.

An saka shi, ya yi aiki, sai kuma ya daina. Me ya faru?

Abu na farko da nake dubawa shi ne ranar sabuntawa. In tsarin ya ƙare ba a sabunta a kan lokaci ba, ko aka sayi wani tsari daban a madadinsa, misali Alhaji ya ga wani mai rahusa ya koma kansa, to mai yiwuwa sabon ba na iyali ba ne, ko kuma jerin layukan ya warware sai an sake ɗaura shi. Ba kowane tsarin data ake rabawa ba. Garaɓasa, datar dare, da wadda aka keɓe wa WhatsApp ko wata manhaja guda galibi a layin da ya saya suke tsayawa. Saboda haka duk ranar da aka sabunta, a danna `*323#` a wayar yaron a gani da ido.

Na biyu shi ne kaso ya ƙare alhali rumbun yana cike. Uba yana ganin giga 11 a wayarsa, yaro yana cewa babu data, sai a ce ƙarya yake yi. Ba ƙarya ba ce, nasa kason ne ya ƙare. Na uku, yaro ya ci bashi. Da `*303#` ana aron kati ko data, kuma duk kuɗin da ka saka daga baya sai an fara cire bashin da ladansa. In ka saka dubu ka ga ɗari shida, ka tambayi yaron cikin lalama kafin ka tambayi kamfani.

Giga nawa zan ware wa yaro?

Lissafin gidan Alhaji ya tsaya a haka: shi 12, Hajiya 8, babban ɗa 6, yarinyar 4, jimla 30. Giga ɗaya mega 1,024 ne, don haka giga 4 a kwana 30 ya kama mega 136 ke nan a rana. Wannan ya wadatar da saƙonnin rukunin ajinsu, sauke takardun tambayoyin jarrabawar baya, da bincike. Bidiyo ne ke rusa lissafi. Awa guda ta kallo a matsakaicin ingancin hoto, wanda ake rubuta 480p, tana cin wajen rabin giga, wato kallon awa takwas kacal zai share kason wata. In aka bar shi a 720p ko sama, abin ya ninka.

Shawarata ita ce a yanka kaso, kada a bar yaro a buɗe cikin rumbun gaba ɗaya, in dai tsarin ya ba da damar yankawa. Ba don rashin yarda da yaro ba ne. Wayar da kanta tana ci ko yana barci. Na gyara abu uku a wayar yarinyar a gaban mahaifiyarta. A Play Store na mayar da Auto-update apps zuwa Wi-Fi kaɗai. A WhatsApp, ƙarƙashin Storage and data, na cire saukar hotuna da bidiyo kai tsaye a kan datar layi, domin rukunin aji ɗaya yana iya zubo bidiyo ashirin a dare. Sannan a Settings na kunna Data Saver, na kuma sa gargaɗi idan an kai giga 3. Wurin da waɗannan suke yana ɗan bambanta tsakanin Tecno da Infinix da Samsung, amma in ka rubuta sunan a akwatin bincike na Settings zai fito.

Sai Hotspot. Yaro mai kirki ne yake kunna wa abokansa, kuma da wuya ya iya cewa a'a a tsakiyar aji. Kaso yana taimakonsa a nan, don yana da abin faɗa: tawa ƙidayayya ce, Baba yana gani.

Tunda datata yake ci, zan ga abin da yake kallo?

Ba za ka gani ba. Mai babban layi adadi yake gani, giga nawa layi kaza ya ci, ba shafukan da aka shiga ko saƙonnin da aka aika ba. Rumbun iyali tsarin biyan kuɗi ne, ba ya tace komai kuma ba ya tsare yaro daga komai. In kana son sanin wace manhaja ce ta fi ci, wayar yaron ce za ta faɗa maka, a Settings wajen Data usage, inda aka jera su daga babba zuwa ƙarama. Mai son iyakance lokacin riƙe waya da manhajojin da za a sauke sai ya nemi Family Link ta Google, wannan aiki ne daban da na kamfanin layi. Ni dai nakan ce wa iyaye su duba jerin nan tare da yaron a zaune, ba a bayan idonsa ba.

In kamfani ya tabbatar layin yana ciki amma har yanzu ana cin kati fa?

Nan ne kake da ƙorafi na gaskiya, kuma takardar da ka rubuta lissafin gwaji a kai ita ce hujjarka. Ka ɗauki hoton fuskar waya na `*323#` da `*310#` kafin gwaji da bayansa, yadda lokaci zai fito a sama. Ka aika musu tare da amsarsu ta farko da ta ce layin yana ciki, ka nemi su mayar da abin da aka cire, ka karɓi lambar ƙorafi ka adana. Ka tambaye su kuma yadda za a rufe cin data daga kati a layin yaron gaba ɗaya, yadda in kaso ya ƙare zai tsaya cak. Ka duba ko ba wani saƙon kuɗi ne aka jona layin da shi ba, irin na labaran ƙwallo ko waƙar kira, domin su ma suna tsinke kati kullum a ɗora wa data laifi. `*305#` ita ce lambar dakatar da irinsu.

In an yi kwanaki babu gyara, ka kira NCC a 622, kyauta ne. Za su fara tambayarka ko ka kai ƙara wajen kamfanin, su nemi lambar ƙorafin da aka ba ka, don haka kada ka kira su ba ta a hannunka.

Naira 130 ta Hajiya ba ta dawo ba, kuma ba ta da hujjar nema, tunda layin bai taɓa shiga rumbun ba. A daren ranar da amsar kamfani ta zo Alhaji ya saka lambar, saƙon gayyata ya shigo wayar yarinyar, ta amsa a gabansu. Washegari Hajiya ta biyo ta shago ta nuna mini fuskar wayar: giga 4, da ranar ƙarewa daidai da ta Alhaji.